In ka tsaya wa mutum beli ya gudu, kai ake ɗaurewa a madadinsa?

Ramatu Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena yana hannu, ana zarginsa da satar wayoyi a shagon da yake aiki a kasuwar Kejetia, Kumasi. Sakit kot ta ba shi belin sidi 60,000 da mutum biyu da za su tsaya masa, ɗaya sai ya nuna dukiya. Kawunmu na da gida amma ya ƙi sa hannu, wai in yaron ya gudu shi za a ɗaure a madadinsa. Haka abin yake?

Baba Sule: Wa alaikumus salam 'yata. Kawunki ba wawa ba ne. Da idona na ga an zo da mota an ɗauki maƙwabcinmu a Sawaba saboda yaron da ya tsaya wa ya tsallake boda. Wanda ya sa hannu shi ya ɗauki laifin, shi ke nan.

Fuseini Pragya: Baba ba haka ba ne fa. Kuɗi ne kawai, a biya kaso goma cikin ɗari na 60,000 ɗin wato 6,000 a sake shi, in ya gudu kuɗin ya tafi

Malam Awudu: Fuseini wannan kaso goman tsarin Amurka ne, nan Ghana ba a yin shi. Na daɗe ina aikin rajistiri a kotu kafin in yi ritaya, kuma galibin belin da ake bayarwa ba a ajiye ko kobo ranar sa hannu. Takardar alkawari ce. Mai tsayawa yana cewa ne, ni zan tabbatar wane ya zo kotu duk ranar da aka kira shari'arsa, in bai zo ba kuma ban kawo shi ba gwamnati na bina 60,000. Sai in alƙali ya faɗa da bakinsa a ajiye kuɗi, wannan daban ne, kuma zai fito a rubuce.

Baba Sule kuma, laifin sata ba ya komawa kan wani. Ko yaro ya ɓace ba za a yanke wa kawu hukuncin satar waya ba.

Baba Sule: To maƙwabcin nawa aljanu suka ɗauke shi?

Malam Awudu: Haba Baba, bari in ƙarasa. Abin yana da matakai, yana nan a sashe na 104 na Act 30, dokar 1960 da ake bi wajen shari'ar laifi. Ranar da aka kira shari'a yaro bai zo ba alƙali zai ba da waranti a kamo shi. Sai a aika wa masu tsaya masa su zo su kawo shi, yawanci ana ɗaga musu ƙafa a ba su lokaci. In sun kasa, a ce su faɗi dalilin da zai hana su biyan kuɗin da suka yi alkawari. In dalilin bai gamsar ba sai a ce su biya, kuma alƙali na da ikon rage musu wani abu. In sun ƙi biya a kama dukiyarsu a sayar. Sai in duk wannan bai fitar da kuɗin ba ne ake iya tsare mutum, shi ma bai wuce wata shida ba, kuma don bashin ne ba don satar ba. Maƙwabcinka ina zaton sammaci ya ƙi amsawa ko kuma kuɗin ya gagara.

Baba Sule: Wata shida a gidan yarin Adum ai ɗauri ne malam, ko da wane suna ka kira shi. Kuma gidan fa? Ka faɗa da bakinka ana sayarwa.

Malam Awudu: Wannan ban musa ba. Tsoron kawu na gida yana kan hanya, tsoron zama ɓarawo a madadin yaro ne ba ya kan hanya. Ku tuna shari'ar tsohuwar shugabar MASLOC, hukumar gwamnati mai ba da ƙananan rance, belinta sidi miliyan 5, kotu ta bar ta ta je Amurka neman magani ba ta dawo ba. A 2023 babbar kotu a Accra ta ce mutum biyun da suka tsaya mata su biya kuɗin. Hukuncin shekara 10 da aka yanke a 2024 ita aka yanke wa a bayan idonta, ba su ba.

Tanko: Ni dai beli kuɗi ne ku daina mana turanci. Lokacin da aka kama yarona a wani ofishin polis sai da na ba da 500 kafin ya fito, ko rasit babu

Hajiya Mariya: Tanko naka ba beli ka biya ba, cin hanci aka karɓa a hannunka. Belin polis kyauta ne. Kuma ita maganar kotu take yi, an riga an wuce wajen polis.

Tanko: Kyauta a takarda Hajiya. Ranar Juma'a da yamma aka kama shi, suka ce sai Litinin

Malam Awudu: Shi ma wannan ba daidai ba ne, tsarin mulki na 1992 ya ce cikin awa 48 a kai mutum kotu ko a sake shi, kuma kotun ƙoli ta ce a 2019 Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafi. Amma mu koma kan Ramatu. 'Yata yaron ina yake kwana, kuma shi kaɗai ake tuhuma?

Ramatu Aboabo: Ɗaki ɗaya yake haya a Aboabo Malam, bai daɗe da shiga ba. Su biyu ne, ɗayan ba a gan shi ba har yanzu. Wayoyin sun ce sun kai 45,000. Mai gabatar da ƙara ya ce wai mahaifiyarmu 'yar Dosso ce zai iya gudu Nijar. An ce kuma ya riƙa zuwa wajen polis ɗin da ke bincike duk sati biyu.

Malam Awudu: To kin ga inda sharuɗɗan suka fito. Alƙali ba ya tambayar ko ya yi sata a wannan matakin, doka na kallonsa mara laifi tukuna. Babbar tambayarsa ita ce in na sake shi zai dawo? Sashe na 96 ya nuna masa abin da zai duba. Zai duba nauyin tuhumar da hukuncin da ke bayanta, sata kuwa ɗaurinta na iya yin tsawo, kuma wanda ke hangen ɗauri mai tsawo ya fi kusa da gudu. Zai duba ƙarfin shaida, an samu waya a ɗakinsa ne ko kuwa zargi ne kawai na mai shago. Zai duba ko yana da tsayayyen wurin zama a Ghana da aikin yi, nan ne ƙanenki ya yi rauni, haya ce sabuwa, aikin kuma a shagon da ake rigimar yake. Ga abokin tuhumarsa a waje, za a ce in ya fita zai iya sanar da shi ko ya lallaɓi yaran shagon da za su ba da shaida. Abin da ya taimake shi, ina zato, bai taɓa tsallake beli ba. Shi ya sa aka ba shi amma aka ɗaure da mai dukiya, kuɗin kuma ya ɗan ɗara na wayoyin.

Fuseini Pragya: Ya ma yi sa'a sata aka rubuta. Da fashi ne babu beli kwatakwata, wannan kam na sani

Malam Awudu: A da haka yake. Kisa, fashi, fyaɗe da wasu, dokar ta hana. Lauya Martin Kpebu ya kai ƙara, kotun ƙoli ta soke wannan hanin a 2016. Yanzu kowane laifi ana iya neman beli, samu ne ke da wuya in laifin ya yi nauyi.

Hajiya Mariya: Ramatu bari in ba ki nawa, don ni na taɓa tsayawa, masu cewa mace ba ta tsayawa ƙarya ne. Ɗan ƙawata ne. Na kai Ghana Card da hoto, polis ɗin ya biyo ni har gida ya ga ƙofata ya rubuta lambar GPS da ke jikin bango, ya je shagona na atamfa ya gani. Da tafiya ta yi tafiya sai na lura yaron ya canza layi, ya sayar da katifa da fanka, uwar kuma in na tambaya sai kame-kame. Ban jira ba na koma kotu na ce a cire sunana. Aka kamo shi aka ce ya nemo wani. Ƙawar ta daina gaishe ni har yau, amma shagona na nan. Ki gaya wa kawu yana da wannan ƙofar, in dai ya yi tun yaron bai ɓace ba.

Baba Sule: Ai kin ga abin da nake gudu ke nan Hajiya, zumunci ya lalace. Gara ka ƙi tun farko.

Hajiya Mariya: Ka ƙi tun farko ma zumuncin ne ke lalacewa Baba, yaro yana rimand yana kwana a tsaye.

Ramatu Aboabo: Wani mutum ya tare ni a bakin kotu ya ce in kawo 3,000 zai samo mana mai tsayawa da takardun fili. In gwada?

Malam Awudu: Kada ki soma. Takardun da aka kawo ana tura su Lands Commission a bincika, a kuma kimanta ko filin ya kai kuɗin belin, shi ya sa ma ake daɗewa bayan alƙali ya riga ya ce ya bayar. In suka fito na bogi belin ya rushe, a buɗe sabuwar tuhuma, sunanki kuma na ciki. Dokar ma cewa ta yi mai tsayawa ya zama mai zaman kansa, mai hali nagari, mai abin hannu. Mutumin haya bai san yaron ba, me zai sa ya damu ya kawo shi?

Tambayar da ta fi damuna, gidan kawu da sunansa yake?

Ramatu Aboabo: Gidan gado ne, takardar sunan kakanmu ke jiki

Malam Awudu: To ko ya yarda da wuya a karɓa, don ba nasa shi kaɗai ba ne, rabin gidajen zango haka suke. Hanyar da ta rage lauya ya nemi a sassauta sharaɗin. Sashe na 96 ɗin ya ce kada beli ya yi tsanani fiye da kima, kuma ba a riƙe shi don horo. Lauya zai nuna an ba da beli amma yaro na ciki saboda dangi ba su da fili mai takarda, ya roƙi a cire nuna dukiya a sa ma'aikacin gwamnati mai albashi a madadi. In sakit kot ta ƙi ya je babbar kotu. In ba kuɗin lauya ki je ofishin Legal Aid.

Fuseini Pragya: To in mutum biyu suka tsaya, 30,000 30,000 za su raba ko kowa 60,000?

Baba Sule: Kowa duka, haka aka yi wa namu.

Hajiya Mariya: Ni rabi aka gaya mini lokacin.

Malam Awudu: Ya danganta da yadda aka rubuta takardar, na ga iri biyun. Ramatu gobe ki je rajistiri ki nemi kwafin umarnin, ki duba ko an ce kowannensu ne ko su biyu a haɗe, kafin ki tunkari kowa ya sa hannu.

Ramatu Aboabo: To Malam na gode. Muna da ɗan baffa malamin makaranta a Asawase, zan kira shi yau da dare in ji ko zai yarda.

Baba Sule: Ki gaya masa maganar wata shidan dai, kada ki ɓoye.