Yadda Za a Hana Saƙon Kuɗi Ɓacewa Cikin Hayaniyar Waya

'Yan kasuwar Garoua sun tattauna kan wayar da ke yin ƙara dare da rana, har saƙon shigowar kuɗi na Orange Money ko MTN MoMo yakan nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da hotunan biki.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a raba sanarwa gida biyu. A wayar Android, tun daga siga ta 10, idan mutum ya danna sanarwa ya riƙe, zai iya mayar da ita ta shiru, ta yadda za ta sauka ƙasan jerin ba tare da ƙara ba. Zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa su ne suka cancanci hakan, saƙon kuɗi kuwa a bar shi da ƙara ta daban.

Masu iPhone suna da Scheduled Summary tun daga iOS 15, wanda ke tara sanarwar manhajojin da aka zaɓa ya kawo su a lokacin da aka tsayar, misali bayan la'asar.

Wani dattijo ya ja kunne cewa tabbacin kuɗi yakan zo ta SMS, don haka wanda ya rufe bakin manhajar saƙonni saboda tallan kamfanin layi ya rufe har da shi. A ganina wannan gargaɗin ya fi kowanne nauyi. Bayan kowane gyara, a sa wani ya turo sefa 100, a ji ko wayar za ta yi ƙara.