Muhawara: Gulukosamin da kondiroyitin, magani ne ko yaudara?

Sani Ƙofar Ƙaura: Wata biyar Hajiyarmu tana shan gulukosamin da kondiroyitin saboda ciwon gwiwa, amma har yau a kan kujera take salla. Wallahi yaudara ce! Kuma an ce da ɓawon jatanlande ake yi, alhali ita da ta ci jatanlande sai borin jini ya taso mata.

Alhaji Lawal mai kemis: Malam Sani, ka janye kalmar yaudara. Na san dattawa a Daura da suka sha suka koma tafiya masallaci da ƙafafunsu.

Dakta Hadiza: Alhaji, ban ƙaryata ka ba, amma a babban gwajin GAIT da aka yi a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2006, an bi mutum 1,583 har mako 24. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, kusan 60 cikin ɗari sun ce ciwo ya ragu, waɗanda suka sha magungunan biyu tare kuwa kusan 67 ne, kuma tazarar ba ta kai a ce aikin magani ne ba. Ciwon gwiwa yakan lafa ya dawo, don haka sauƙin da ya zo bayan an sha ƙwaya ba lalle ita ta kawo shi ba.

Alhaji Lawal: Ranki ya daɗe, ai kin ɓoye cewa masu ciwo mai tsanani sun amfana.

Dakta Hadiza: An ga alamar haka a wani ƙaramin rukuni, amma masu binciken da kansu sun ce sai an sake gwadawa.

Malam Bishir: Yaudara sai da niyyar cuta. Wanda ya sayar da abin da ya gaskata ba mayaudari ba ne. Ni tambayata, kondiroyitin daga guringuntsin wace dabba ake samo shi?

Dakta Hadiza: Na saniya, ko alade, ko kifin shak, a duba kwalin.

Binta: Innalillahi! Ashe alade na yi wata shida ina sha?

Malam Bishir: Ba haka ta ce ba, Malama.

Sani: Jama'a, maganar borin jini na tambaya!

Dakta Hadiza: Abin da ke tayar da shi yana cikin naman jatanlande, gulukosamin kuwa daga ɓawo ake cire shi, shi ya sa mafi yawa ba ya damunsu. Wanda ya taɓa kumburar leɓe ko sarƙewar numfashi, kada ya sha sai likita ya amince, haka ma mai shan warfarin, maganin tsinka jini, domin jini na iya tsinkewa fiye da kima. Akwai gulukosamin da ake yi da masara. Amma ita Hajiya, idan miligiram 1,500 take sha kullum, wata uku sun isa a gane. Ta daina, a kai ta ga masu gashin ƙashi.

Alhaji Lawal: To, a taƙaice, Dakta ta yarda cewa 67 cikin ɗari sun samu sauƙi, Malam Bishir kuma ya wanke mu. Malam Sani, har yanzu ba ka janye ba.