Lissafi ya ce 27.7, faranti ya ce 33: ina na kuskure?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibin injiniya ne ni a Jos, wani aiki ya tsaya mini a wuya tun jiya.

Mai walda a Dilimi ya haɗa mini farantan ƙarfe biyu gefe da gefe, kowanne faɗinsa santimita 30, tsayinsa 40. A tsakiyar na dama aka huda da'ira mai radiyos 10, cibiyarta santimita 45 daga gefen hagu. Cibiyar nauyin duka nake nema.

Na ɗauki hujin a matsayin fili da za a debe:

x = (2400×30 − 314×45) / (2400 − 314) = 27.7

Amma da na ɗora farantin a kan rodi ina matsar da shi, sai a wajen 33 ya daina rinjaya. Ya ma karkata ɓangaren hujin, abin da ya ɗaure mini kai ke nan.

Da na duba, kaurin na hagu milimita 2 ne, na dama 4. Shin kowane fili zan ninka da kaurinsa, har da hujin, shi da 4? In kuma hujin ya hau kan layin waldar, yaya zan raba shi? Don Allah a taimaka.