Wayar ce za a fara ajiyewa

Mun zauna hira da wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya da aiki ya ci ƙarfinta: barci ba ya isarta, haƙurinta da marasa lafiya ya ƙare. Ta samu hutun kwana biyar, tana son zuwa Yankari, a jihar Bauchi.

Waɗanda suka taɓa zuwa suka ce ta tafi lokacin rani, kuma tsakiyar mako, don ranakun Asabar da Lahadi ruwan ɗumi na Wikki da ke cikin Yankari kan cika da baƙi. Ruwan yana kusan digiri 31 dare da rana, saboda haka shiga da sassafe ya fi daɗi. Tafiyar ƙafa kuwa a cikin sansani kawai, daji sai da jagora. Abinci a ɓoye shi, birai na fizge leda.

Kan waya aka fi jan magana. Wata ta ce a kashe ta gaba ɗaya, amma mai 'ya'ya hankalinta ba zai kwanta haka ba. Shawarar da na fi yarda da ita: ta ɗauki ƙaramar waya mai maɓalli, lambar a hannun maigida da mahaifiyarta kaɗai, babbar ta zauna a jaka. Kwana biyun farko hannu zai riƙa laluben babbar wayar, a bar su babu wani tsari, barci kawai.

Tausa da dilka a bari sai ta dawo gida, kwana ɗaya kafin komawa aiki.

Wata babba a cikinmu ta ƙara da cewa: "Ƙanwata, in kin dawo har mako biyu babu barci, babu sha'awar komai, ki ga likita. Kuma ki nemi a rage miki aikin dare."