Taƙaitawa: idan aminci zai koma soyayya

Ga abin da aka tattauna kan saurayin da ke son aminiyarsa.

1. An yarda a fara lura. Idan har yanzu shawararka take nema kan masu zuwa zance wurinta, ko tana zuga ka ka nemi ƙawarta, a matsayin yaya ta ajiye ka.

2. Ka faɗa sau ɗaya, a fili. Raha ba ta aiki, don idan ta yi dariya ba ka san amsarta ba. Ka haɗa da cewa "a'a" ma amsa ce, kuma kada ka lissafa alherin da ka yi mata, sai ya zama kamar bashi ka zo karɓa.

3. An rabu kan ɗan aike. Wasu sun ce a tura ƙawarta ko yayarta saboda kunya. Wasu sun ce da zarar mutum na uku ya ji, ƙi ya zama abin faɗa a unguwa, kuma wannan ne ke kashe zumuncin.

4. Idan ta ƙi, kada ka tambayi dalili. Ka rage hirar dare na makonni, amma gaisuwa, dubiya da ta'aziyya su ci gaba. "Sai na yi tunani" da ya wuce wata guda, yawanci ƙi ne cikin kara.