Sashen mata da haihuwa nake so, amma gida ana cewa in tafi radiyoloji

Maman Iman: Assalamu alaikum manyana. Ni likita ce, ina son shiga horon ƙwarewa. Shekarata 29, saura wata uku in gama hidimar ƙasa a nan Jos, ina da aure da 'ya guda. Tun ina hawus-job, wato shekarar aikin asibiti bayan gama karatun likitanci, raina ya kwanta da sashen mata da haihuwa, amma maigida da Mama sun ce in ɗauki radiyoloji, sashen karanta hotunan asibiti, wai ya fi gajarta kuma babu kwanan asibiti. Ban sayi fom ɗin firamare ba tukuna, wato jarrabawar farko ta shiga horon. Don Allah waɗanda suka riga mu shiga, wanne ya fi?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Dakta. Ki bi maganar gida kawai. Radiyoloji aikin ofis ne, ƙarfe huɗu kin tashi, babu kol, wato kwanan aiki a asibiti, babu jini. Kuma duk cibiyar hoto da aka buɗe a Abuja likitan da zai karanta mata hoto take nema, wasu ma daga gida suke rubuta rahoto a kwamfuta.

Anti Likitar Mata: Ƙanwata, batun gajarta ki cire shi daga lissafi tun yanzu. Ko ta Kwalejin Ƙasa da ke Ijanikin a Legas kika bi, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, hanyar ɗaya ce ga sassan biyu: firamare, shekarun ƙaramin rejistara, wato likita mai horon ƙwarewa, jarrabawar kashi na ɗaya, shekarun babban rejistara tare da binciken da za ki rubuta, sannan kashi na biyu. A takarda duka biyun suna cin wajen shekara biyar zuwa shida. In ma da bambanci, na watanni ne, kuma faɗuwa ɗaya a jarrabawa ta cinye shi, tunda sau biyu kacal ake zama a shekara. Duk faɗuwa wata shida ne ya tafi.

Bari in ƙirga miki nawa. Na gama hidimar ƙasa a 2012, na ci firamare a 2013, na zauna ina aikin asibitin kuɗi har ƙarshen 2014 kafin in sami gurbi. Na haihu ina shekara ta biyu, kuma watannin da na yi a gida ba a ƙirga min su ba, sai da na biya zagayen da na rasa. Kashi na ɗaya na faɗi sau guda, na ci a 2018. Sai takardar bincikena ta yi ta yawo tsakanina da masu dubawa, korona ta zo a 2020, yajin aikin 2021 ya ɗauke wata biyu. A 2022 na gama. Shekara goma cif daga ranar da na cire kakin hidimar ƙasa. Wata ƙawata da ta shiga radiyoloji shekara ɗaya da ni, wata shida kawai ta riga ni fita.

Abin da ya kamata ki auna shi ne aikin da za ki riƙa yi kullum. Ɗalibai suna son sashenmu saboda daɗin ciro jariri a miƙa wa uwa, amma wannan ba shi ne kol ba. Kol shi ne ƙarfe uku na dare cikin sanyin Janairu na Jos, a shigo miki da yarinya 'yar shekara sha bakwai a bayan a-kori-kura, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, tana jijjiga, jininta ya hau 180 bisa 120. Ki ba ta maganiziyom salfet giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu, ki sa robar fitsari, ki zauna kina duba numfashinta da motsin gwiwarta kafin allura ta gaba bayan awa huɗu. Kina cikin haka a kira ki ɗakin haihuwa wata tana zubar da jini, mahaifa ta ƙi tsukewa, babu jini a banki, mijin ya tafi neman kuɗi. Wani daren duka biyun su tashi. Wani daren ke ce za ki fita baranda ki gaya wa uwarta. Da safe kuma ki tsaya gaban manya a taron bita a tambaye ki me ya sa kika yi jinkirin minti arba'in, sannan ki wuce kilinik ɗin awo mata sun cika benci.

To ki tuna kol ɗinki mafi muni a hawus-job. Washegari da kika koma gida, me ya fi damunki? In gajiya ce kawai, kuma kika kama kanki kina buɗe littafi don ki gane inda aka kuskure, sashen zai karɓe ki. In kuwa kin yi sati kina jin faɗuwar gaba duk sanda waya ta yi ƙara, kada ki raina wannan. Na ga masu ƙwaƙwalwa fiye da ni sun ajiye aikin a shekara ta biyu a kan haka, ba don sun kasa karatu ba.

Buƙata kam ba a magana. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna mata sama da 1,000 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma kin san matanmu da yawa sun fi sakewa da likita mace. Daga Shendam har Gwarinpa ba za ki rasa aiki ba. Sai dai ki sani, wannan buƙatar ita ce kuma mai hana ki barci, don ko kin zama konsoltan wayarki ba ta mutuwa da dare.

Dakta na Ɗakin Duhu: Baban Sadik, da girmamawa, rabin maganarka ce daidai. Ina shekara ta huɗu a radiyoloji kuma ina yin kol. Wanda ya faɗi daga babur aka kawo shi ba ya magana, wa zai karanta hoton kansa ƙarfe biyun dare? Mace mai ciwon mara da ake zargin ciki a wajen mahaifa, wa ake tasowa ya yi mata sikanin? Gaskiya kol ɗinmu bai kai nasu Anti zafi ba, sau da yawa nakan samu barcin awa huɗu ko biyar, kuma bayan an gama horo rayuwa tana da tsari sosai. Wannan na yarda.

Amma Maman Iman, ga abin da ba a faɗa. Karatun yana da yawa, don daga kai har ƙafa, yaro da babba, duk naki ne, ga fiziks da yawancinmu muka rabu da shi tun aji ɗaya. Yini guda kina zaune gaban allo a ɗaki mai duhu kina bin hoto ɗaruruwa na mutum ɗaya, kuma ɗan tabon da kika tsallake a huhu ba zai yi miki ihu ba, sai bayan wata takwas a dawo da rahoton da sa hannunki a ƙasa. Mara lafiya ba ya sanin sunanki. In ke mai son a ce "likitata" ce, a kawo miki goron suna, za ki ji kaɗaici a nan.

Sannan aikinmu a hannun inji yake. A inda nake, na'urar sitisikan ta taɓa tsayawa wata bakwai ana jiran kayan gyara, sai da aka tura mu wani gari mu cike zagayen, kuɗin haya daga aljihunmu. Kafin ki nemi gurbi a ko'ina, ki tambayi rejistarorin wurin, ba shugaban sashe ba: injinan suna aiki? Amincewar kwaleji cikakkiya ce ko ta wucin gadi? Wata nawa ake yi a waje? Mai 'ya ƙarama, wannan na ƙarshen zai iya fi miki kol ciwo. Batun ciki kuma kada ya tsorata ki, sikanin ba shi da tururin da ke cutarwa, ɗakin da ake hoto kai tsaye irin na gwajin bututun mahaifa ne ake sa rigar dalma, kuma akan janye mai ciki daga can.

Hajiya Rikkos: Ni ba likita ba ce, ƙanwata ce nas. Amma me zai hana ki buɗe kilinik ɗinki a unguwa ki sayi injin sikanin? Ga mata ga hoto, kin haɗa biyun, kin huta da jarrabawa.

Abu Yasir: Hajiya, tambayarta a kan ƙwarewa ce, kuma sikanin da hannun da bai koya ba ya sha sa a yi wa mace tiyatar da ba ta buƙata. Ni dai nawa labarin zan bayar. Don a ce min likitan tiyata na shiga tiyata, na yi shekara uku, na faɗi kashi na ɗaya sau biyu, sannan na yarda cewa tsayuwar awa biyar a tiyata ba ta burge ni, hira da mara lafiya a kilinik nake jin daɗi. Da na koma likitancin iyali sai da na sake firamare daga farko, don na wani sashe ba ya yi wa wani, shekarun nan uku kuma suka bi ruwa. Shi ya sa nake cewa kada ki sayi fom don a daina yi miki magana a gida. Kuma ki leƙa likitancin iyali, tunda kina Jos, asibitin Jankwano sun daɗe suna horar da shi. Ana karɓar haihuwa, ana yin si'es, wato tiyatar ciro jariri, amma ba kowane dare ba.

Anti Likitar Mata: Abu Yasir, a nan ba mu haɗu ba. Mai son sashen mata da gaske, in ta tsaya a si'es, ranar da mahaifa ta fashe ko aka kawo mai yoyon fitsari ta tura wa wani, abin zai riƙa cin ta. Ƙanwata, wata ukun nan da suka rage miki ki yi amfani da su. Ki roƙi wata babbar rejistara a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ki bi ta kol uku cikakku, har da na Asabar, ki kuma zauna sati guda a ɗakin karanta hoto daga safe har tashi. Kuma ki zaunar da maigida ku yi lissafi a fili: in kol ya zo duk bayan kwana uku ko huɗu, wa zai kwana da Iman, wa zai kai ta makaranta? Ni ƙanwar mahaifiyata ce ta zauna da mu shekara huɗu, ba don ita ba da ban gama ba.

Maman Iman: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, kol ɗin da kika ce in tuna, na tuna shi, wata mai tagwaye ce ta rasu a hannunmu, kuma gaskiya littafi na buɗe washegari, amma na yi kwana uku ban iya cin abinci ba. Ban san wane ɓangare wannan ya sa ni ba. Mai zama da Iman kuma babu a yanzu, Mama tana Bauchi kuma ƙafa ta dame ta. Zan fara da satin ɗakin hoton tunda shi ne ban taɓa gani ba. Dakta na Ɗakin Duhu, ranar Litinin ƙarfe nawa kuke farawa?

Dakta na Ɗakin Duhu: Takwas. Ki zo da rigar sanyi, na'urar sanyaya ɗakin saboda inji ake kunna ta, ba a kashewa ko da hunturu.