Wace kalma za mu sa wa "regilasiyon emosiyonel"?

Mai shirin lafiya a rediyo, Tawa: Assalamu alaikum. Ina shirya hira kan yadda salla, azumi da ibadar jam'i ke taimaka wa mutum da fushi, tsoro ko baƙin ciki. Masana suna kiran abin regilasiyon emosiyonel da Faransanci. Na rubuta "danne zuciya", amma raina bai kwanta ba. Ku taimaka mani kafin Laraba.

Malamar sanin halayyar ɗan'adam, Yamai: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka sa danne zuciya, zai juya maganar. A 1998 wani masanin halayyar ɗan'adam, James Gross, ya nuna wa mutane fim mai tayar da ƙyama. Wasu ya ce su ɓoye abin da suke ji kada ya fito a fuska, wasu kuma su sake yadda suke kallon abin, su dube shi kamar masu nazari. Masu ɓoyewa fuskarsu ta yi shiru, amma ƙyamar ba ta ragu ba, jikinsu ma ya ƙara tashi. Waɗanda suka sake kallo su ne abin ya yi wa sauƙi. Dannewa hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyin, kuma ita ce mai gajiyar da jiki. Kalmar da muke nema dole ta ɗauki duka biyun.

Wani dattijo, Tawa: To ai haƙuri ke nan, 'yata. Me ya kawo neman sabuwar kalma?

Malamar: Baba, haƙuri ya yi kusa, sai dai yabo ne. Ba a ce wa mutum ya yi mugun haƙuri, alhali wanda ya sha ƙwaya don ya manta damuwa shi ma wannan aikin yake yi, ta muguwar hanya. Kuma haƙuri bai taɓa murna ba. Wanda ya tsaida dariya a zaman makoki ba mu cewa ya yi haƙuri.

Ɗalibi a jami'a: Ni na ce natsuwa. An ma tabbatar azumi yana kawo natsuwa.

Malamar: Natsuwa ita ce inda ake son a isa, mu sunan tafiyar muke nema. Batun azumi kuma a yi hattara. Wani bincike da aka buga a 2000 kan mazan Maroko ya samu saurin fushi yana ƙaruwa cikin Ramadan, ya fi yawa ga masu shan taba. Yunwa da ƙarancin barci ba su sanyaya kowa. Abin da za a iya cewa shi ne azumi fagen horo ne: fushin ya taso, kana da dalilin riƙe shi.

Hujja ta fi ƙarfi wajen ibada mai maimaici. A 2001 wani mai bincike, Bernardi, da abokan aikinsa a Italiya sun ga addu'ar carbi ta Katolika, da Latin, tana sassauta numfashi zuwa kusan shida a minti ɗaya. A tsibirin Moris kuma, masu bincike Lang da Xygalatas sun sa mata 'yan Hindu cikin fargabar shirya jawabi. Waɗanda suka yi ibadar da suka saba a ɗakin bautarsu fargabar ta fi sauka a kan waɗanda suka zauna kawai. Amma ka lura, ƙanena, waɗannan ba a kan salla aka yi su ba, kada ka faɗa a rediyo kamar an auna ta.

Wata uwa, unguwar Bukoki: Ni ban san bincike ba. Da mijina ya rasu, kwana uku mata suna cike da tsakar gida, ana jan carbi, ana miƙo mani fura ina turewa. Ban daina kuka ba, amma da na ji muryoyinsu sun haɗu, sai numfashina ya bi nasu. Wannan ba dannewa ba ne. Ni lallashin zuciya zan kira shi.

Malamin makarantar allo: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Ni kuma linzami nake gani. Mai doki ba ya kashe ƙarfin dokinsa, yana ja, yana saki, yana juya shi. An koya mana in fushi ya zo kana tsaye ka zauna, ka yi alwala. Wannan sa wa zuciya linzami ne.

Mai shirin: Amin. Malam, linzami ya yi daɗi a kunne, amma ba a sa wa baƙin ciki linzami, na Hajiya ya fi dacewa da shi. "Sarrafa motsin rai" fa?

Malamar: Shi zan sa a rubuce, don sarrafawa ba ta yabo ba ta zargi. Damuwata ɗaya, ko mai sauraro a ƙauyukan Adar zai gane "motsin rai" da jin farko.

Dattijon: Ba zai gane ba. Ka ce sarrafa zuciya, sannan ka ba su labarin Hajiya in ta yarda.

Uwar: Na yarda, amma kada a faɗi unguwa.